Amsoshin Tambayoyinku: Takardar Ajiye Aiki Don Ƙaro Karatu

Tambaya: Hajiya, ni nas ce a wani babban asibitin gwamnatin jiha, shekarata huɗu ina aiki. Na samu gurbin yin digirin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma ina so in bar aiki a ƙarshen Satumba. An ce da Turanci zan rubuta takardar ajiye aikin. To mahaifina shi ya tsaya mini lokacin da gwamnati ta ɗauki nauyin karatuna na farko, ba ya karanta Turanci, kuma ya ce sai ya ga abin da na rubuta. Yaya zan tsara takardar, kuma ya halatta in yi ta da Hausa ma? Daga wata 'yarki a ɗakin haihuwa.

Amsa: 'Yata, Allah ya sanya albarka a wannan karatu. Kafin mu taɓa alƙalami, akwai tambayar da zan mayar miki: kin nemi hutun karatu an hana ki ne, ko ba ki nema ba? Ina tambaya ne domin ajiye aiki ƙofa ce da ke rufewa da kanta. A aikin gwamnati, wanda ya cika shekaru biyu na gwaji aka ba shi takardar tabbatar da aiki yana iya neman hutun karatu, mai albashi ko marar albashi. Ko marar albashin aka ba ki, sunanki yana nan cikin ma'aikata, idan kin gama ki dawo. Wadda ta ajiye kuwa, ranar da ta so dawowa sai ta bi layin masu neman aiki. Saboda haka ki fara shiga ofishin mulki ki tambaya. Idan an hana, ko kuwa kin yi shawara kin ga tafiyar ce alheri, to ga yadda ake yi.

Ki buɗe jakar takardunki ki fito da guda biyu: takardar ɗaukar aiki, da takardar alƙawarin da mahaifinki ya sa wa hannu, wadda ake kira bon. Ta farko za ta gaya miki tsawon notis ɗin da ake binki. A aikin gwamnati an fi samun wata ɗaya, ko a biya albashin wata ɗaya a madadinsa, amma asibitoci masu zaman kansu kowa da nasa sharaɗin, don haka abin da ke rubuce a taki takardar shi ne abin bi. Ta biyun za ta nuna shekarun da kika yi alƙawarin yi wa gwamnati aiki. Idan sun cika, shi ke nan. Idan da saura, za a nemi kuɗi a hannunki, in ba a same ki ba a nemi wanda ya tsaya miki. Kin ga ashe Baba yana da gaskiya da ya ce sai ya gani, domin ƙofar gidansa za a ƙwanƙwasa.

Takardar da za ta shiga fayil ɗinki ta Turanci ce, tunda da shi ake gudanar da ofisoshin gwamnati a Nijeriya. Kada ta wuce shafi ɗaya. A sama ki sa sunanki kamar yadda yake a takardar albashi, da lambar fayil, da muƙami da matakin albashi, da sashen da kike aiki, sai kwanan wata. Ki rubuta ta zuwa ga wanda ya ɗauke ki aiki, wanda a jihohi da yawa shi ne shugaban hukumar kula da asibitoci. Ba a tsallake shugabanni, don haka a ƙarƙashin adireshinsa ki buga kalmar `Through`, ki jera babban likitan asibitinku, sannan shugabar ma'aikatan jinya, wato metiron. Kowannensu zai sa hannu a gefen muƙaminsa kafin ta wuce gaba. Kan takardar shi ne `Resignation of Appointment`. Ki kula da wannan kalma ta farko, domin ritaya daban ce, tana da nata sharuɗɗan shekaru da nata tsawon notis, kuma idan kika rubuta ta za a dawo miki da takardar.

Abin da ke ciki magana huɗu ce. Ta farko, kin ajiye aiki, ga notis na wata ɗaya, ga ranar ƙarshe da lamba. Ta biyu, dalili cikin jimla ɗaya: ƙaro karatu. Ta uku, za ki miƙa duk abin da ke hannunki. Ta huɗu, godiya da roƙon a ba ki amsa a rubuce. Kada ki saka ƙorafi, ko da kuwa aikin dare ya yi miki yawa ko an daɗe ba a yi miki ƙarin girma ba. Fayil ba ya mantuwa, kuma wanda zai buɗe shi bayan shekara goma bai san me ya faru ba, abin da kika rubuta kawai zai gani.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lissafin kwanaki. Notis yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da takarda ta isa hannun hukuma. Kwanan watan da kika rubuta a samanta ba ya kare ki. A ce kina so 30 ga Satumba ta zama ranarki ta ƙarshe, to ki tabbata an karɓa kafin Agusta ya fita, misali 28 ga wata. Idan kika miƙa wa metiron hannu da hannu, ta jefa a aljihun tebur saboda hidima ta yi mata yawa, ba ta isa rajista ba sai 10 ga Satumba, ana iya cewa watanki sai 10 ga Oktoba zai cika. Ke kuwa kina Zariya kina rajistar makaranta, sunanki na kan jadawalin aiki, a rubuta cewa kin yi kwana goma ba ki zo ba babu izini. A dokokin aikin gwamnati wannan babban laifi ne da ke iya kaiwa ga kora.

Maganin wannan yana ɗakin rajista. Ki buga kwafi uku, ki sa hannu a kowanne, ki tsaya a gaban teburin akawu har ya dangwala hatiminsa a tawada ya buga a kan naki kwafin, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu. Ki duba da idonki ki ga ranar ta fito sosai, domin sau da yawa tawadar ta bushe, sai inuwar hatimi kawai. Ki ɗauki hotonsa a waya, asalin kuma ki adana tare da takardun makarantarki. Wannan kwafin mai hatimi shi ne shaidarki ko da amsar hukuma ta yi jinkiri.

Yanzu ga ta Hausa. Ya halatta ki yi ta, amma ki ɗauke ta a matsayin madubin ta Turancin. Ba za ki miƙa ta a rajista ba, kuma kada ki sa mata hannu, don kada a wayi gari da takardu biyu masu sa hannu da ke iya saɓa wa juna. Ki rubuta a samanta cewa kwafi ce. Ga yadda za ta kasance:

*Kwafin Hausa na takardar da na miƙa da Turanci ranar 28 ga Agusta.*

*Ranka ya daɗe,*

*AJIYE AIKI*

*Ina sanar da kai cewa na ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a ƙarƙashin wannan hukuma. Wannan takarda ita ce notis ɗina na wata ɗaya, kuma ranar 30 ga Satumba ce ranata ta ƙarshe a bakin aiki. Zan tafi ne don yin digirin jinya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Kafin wannan rana zan miƙa dukkan kayan aiki da littattafan da ke hannuna ga wadda aka umarce ni. Ina godiya da damar da aka ba ni da horon da na samu cikin shekaru huɗu. Ina roƙon a ba ni amsar karɓa a rubuce.*

Kin ga na ce ajiye aiki, ban ce murabus ba. Murabus a kunnen dattijo na sarki ne ko mai babban muƙami, kuma yakan zo da zaton an matsa wa mutum. Kada kuma tausayin Baba ya sa ki sassauta ki rubuta "zan ɗan tafi karatu in dawo", domin wannan hutun karatu ke nan, zai zauna yana jiran albashin da ba zai zo ba. Doguwar gaisuwa da neman albarka ki yi masa su da baki, ko a wata wasiƙar daban. Ku zauna tare, ki karanta masa ita a hankali, ki ɗora takardar bon a gefe ki nuna masa cewa shekarun sun cika, ko kuwa ga abin da ya rage da yadda za a biya.

A makon ƙarshe ki rubuta takardar miƙa aiki. Ke da wadda za ta karɓe ki ku buɗe kabad ɗin magunguna masu haɗari, ku ƙirga allurai irin su fetidin ɗaya bayan ɗaya, ku gwada da abin da ke cikin littafinsu, ku sa hannu ku biyu, sannan ki ba ta makulli. Haka za ku yi da rajistar haihuwa da kayan karɓar haihuwa. Ki mayar da katin shaida, ki biya bashin ƙungiyar adashi idan ana binki, ki zagaya da fom ɗin sallama har kowane sashe ya sa hannu. Idan albashi ya shigo asusunki bayan Satumba, ba naki ba ne, ki sanar da ofishin kuɗi ki mayar a ba ki rasit.

Abubuwa biyu za su tafi tare da ke. Idan kina cikin tsarin fansho na asusun ajiya irin wanda dokar 2014 ta tanada, kuɗin da aka tara miki suna nan da sunanki, sabon wurin aiki zai ci gaba da zubawa a lambarki. Lasisinki na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya kuwa, duk shekara uku ake sabunta shi, kada ki bari ya mutu kina makaranta. A 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idojin tantance takardu da suka nemi wasiƙar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki, kuma duk inda kika nemi aiki bayan digiri za a tambayi inda kika baro. Shi ya sa, tun kafin ki ɗaure kaya, ki roƙi takardar shaidar aiki mai nuna ranar da kika fara da ranar da kika bari, yanzu da metiron ɗin da ta san aikinki take kan kujerarta. Allah ya ba da sa'a, ki gaishe mini da Baba.