Yadda ake rubuta `alt` da sanya wa hoto suna: misali daga Unguwar Television, Kaduna

Duk hoton da aka turo ta WhatsApp yana sauka a wayar Android da suna irin `IMG-20240312-WA0007.jpg`. Yawancin masu gina wa ƙananan 'yan kasuwa shafin intanet haka suke ɗora shi, ba tare da sun sauya sunan ko sun cike gurbin `alt` ba. Mai gani ba zai lura da komai ba. Amma makahon da ke amfani da TalkBack a Android, ko VoiceOver a iPhone, ko NVDA a kwamfuta, idan ya iso kan hoton, sau da yawa manhajar sunan fayil ɗin za ta karanto masa, lamba bayan lamba, ko kuma ta ce masa hoto ne kawai ta wuce. Ya ɓata lokacinsa, kuma bai san abin da ake sayarwa ba.

`alt` wani ɗan rubutu ne da ake maƙala wa hoto a cikin HTML domin ya tsaya a madadinsa idan ba a ganinsa. Manhajar karanta fuskar waya tana furta shi, burawza tana nuna shi idan sabis ya yi rauni hoton ya ƙi buɗewa, sannan Google na amfani da shi wajen gane abin da hoton ya ƙunsa. Ƙa'idojin WCAG na hukumar W3C, a bugu na 2.0 da ya fito a 2008, da wannan suka fara: sharaɗi mai lamba 1.1.1 ya ce duk abin da ba rubutu ba a samar masa madadi a rubuce.

A ɗauki misalin wani kafinta mai shagon kujeru kusa da tashar motar Television Garage, a kudancin Kaduna. Ya turo hoton sabbin kujerun falo, yana so mutanen Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha su same shi idan sun yi bincike. Sunan unguwarsa kuwa yana ɗauke da tarko. A wurin mutumin Kaduna, Television unguwa ce. A wurin injin bincike, kalmar ta fi nufin akwatin talabijin. Idan aka sa wa hoton `television-1.jpg`, aka kuma rubuta `alt="Television"`, an yaudari kowa a lokaci guda: makaho zai ɗauka tibi ake talla, shi ma injin an ba shi alamar da ta saɓa wa abin da ke cikin hoton.

Maganin shi ne kada kalmar ta tsaya ita kaɗai. A haɗa ta da "unguwar" a gabanta da "Kaduna" a bayanta, kuma abin da ake sayarwa ya riga ta zuwa:

```html
<img src="kujerun-falo-unguwar-television-kaduna.jpg"
     alt="Kujerun falo masu launin ruwan ƙasa: doguwa mai cin mutum uku da ƙanana biyu">
```

A lura cewa sunan unguwar bai shiga `alt` ɗin ba, kuma da gangan ne. Kujeru ake gani a hoton, ba unguwa ba. Adireshi wurinsa yana cikin rubutun shafin, inda kowa zai karanta shi sau ɗaya. Idan hoto ashirin ne a shafin, kowanne kuma yana ƙarewa da "a Unguwar Television, Kaduna", mai sauraro zai ji wannan jimla sau ashirin kafin ya kai ga lambar waya. Inda ya dace sunan ya shiga shi ne hoton ƙofar shagon, domin a can wurin ne batun: `alt="Ƙofar shagon da allon suna a sama, daura da Television Garage, Kaduna"`.

Hanyar auna `alt` mai sauƙi ce. A ɗauka ana karanta wa mutum shafin ta waya: me za a ce masa idan aka zo kan hoton? Jimla ɗaya takan isa. Ba sai an fara da "hoton" ba, tunda manhajar da kanta tana sanar da cewa hoto ne. Akwai masu cewa wai kada a wuce haruffa 125. HTML bai sa wannan iyaka ba, amma shawarar taƙaitawa tana da amfani, domin sauraron dogon bayani a kan kowane hoto yana gajiyarwa. Abin da ya fi muni shi ne jera kalmomi don a burge Google, irin su "kujera kujeru kafinta Kaduna araha kujerun zamani". Google da kansa ya gargaɗi masu shafuka a kan wannan, ya ce yana iya sa a ɗauki shafin a matsayin na shara.

Akwai hotunan da ba siffarsu ake faɗa ba. Idan kafintan ya sa a zana masa takardar talla mai cewa an yi ragin kashi 10 har zuwa ƙarshen wata, to wannan maganar ce za ta shiga `alt`, ba launin takardar ba, kuma ya fi kyau a maimaita ta a rubutun shafin. Idan alamar WhatsApp ce da ake latsawa, a rubuta aikinta: `alt="Yi mana magana ta WhatsApp"`. Idan kuwa ado ne kawai, kamar zanen da ya raba sassa biyu, sai a sa `alt=""` babu komai a tsakiya, manhajar za ta tsallake shi. Wannan ya bambanta da cire `alt` gaba ɗaya, wanda shi ke jawo karanto sunan fayil.

Ta fuskar sunan fayil, a san iyakarsa tukuna. Google ya ce alama ce mai rauni ƙwarai, don haka babu sunan da zai ɗaga shafi shi kaɗai. Rubutun da ke kewaye da hoton da `alt` sun fi shi nauyi. Amma aikin daƙiƙa goma ne. A yi amfani da ƙananan baƙaƙe, domin a kwamfutocin Linux da ke ɗauke da yawancin shafuka `Kujera.jpg` da `kujera.jpg` fayil biyu ne daban. A raba kalmomi da `-`, wanda Google ya fi so a kan `_`, kuma kada a bar sarari, don yana komawa `%20` a adireshi.

Baƙaƙen Hausa masu ƙugiya suna da tasu matsalar. A cikin `alt` a rubuta su daidai, ƙasa ba kasa ba, muddin shafin yana kan UTF-8, sannan a sa `lang="ha"` domin manhaja ta san harshen. A sunan fayil kuwa gara a sauke ƙugiyar. Harafin ƙ yakan koma `%C6%99` idan aka kwafi adireshi, ɗ ya koma `%C9%97`, don haka `ƙofar-shago.jpg` zai bayyana kamar `%C6%99ofar-shago.jpg`. Yana iya buɗewa lafiya, amma irin waɗannan sunaye sun fi saurin lalacewa idan aka kwashe shafi zuwa wani masauki. `kofar-shago.jpg` ya wadatar.

Duk wannan a yi shi kafin a ɗora. A WordPress, sauya `Title` na hoto a `Media Library` ba ya taɓa sunan fayil ɗin, kuma gurbin da ake nema shi ne `Alternative Text`, ba `Caption` ba. Hoton da ya daɗe a shafi kuwa, sauya masa suna yana sauya adireshinsa, duk inda aka yi nuni da tsohon sai ya dawo da kuskuren 404 idan ba a yi turawar 301 ba. Ga tsofaffin hotuna, gyara `alt` kaɗai ya fi zama lafiya. A Facebook da Instagram sunan fayil ba ya aiki ko kaɗan tunda suna sauya shi da nasu, amma dukansu suna da wurin rubuta `alt` da hannu.

Wajen gwaji, Lighthouse da ke cikin Chrome zai nuna hotunan da ba su da `alt`, sai dai ba ya sanin mai kyau da mara kyau. `alt="Television"` zai wuce a wurinsa sumul. Gwajin da ke kama irin wannan shi ne a shiga `Settings`, a zaɓi `Accessibility`, a kunna TalkBack, a buɗe shafin, a riƙa shafa yatsa zuwa dama ana saurare ba tare da kallon wayar ba. Duk inda aka ji jerin lambobi, ko aka ji suna amma ba a gane kujera ce ko tibi ba, wannan hoton ne za a koma a gyara.