Darasi na 14: Rubuta Wasiƙar Talla

A darussan da suka gabata mun koyi rubuta wasiƙar zumunci da ta neman aiki. A wannan darasi za mu duba wasiƙar talla, wato wadda mai sana'a yake rubutawa domin ya shawo kan mutane su sayi hajarsa ko su ba shi aiki. Wanda aka aika wa irin wannan wasiƙa bai nema ba, bai kuma san marubucin ba. Idan bai ga abin da ya shafe shi a farkonta ba, sai ya ƙunshe gyaɗa da ita.

Ga misalin wasiƙar da wani akanta ya raba wa masu ƙananan shaguna a unguwar Sabo ta birnin Ibadan. Karanta ta a hankali.

Unguwar Sabo,
Ibadan,
Jihar Oyo.
15 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga Masu Shaguna,
Unguwar Sabo,
Ibadan.

Assalamu alaikum,

TAYIN TSARA MUKU LISSAFIN SHAGO

Bayan gaisuwa, da fatan kasuwa tana albarka. Shin kun taɓa yin ciniki mai kyau wata guda cur, amma da ranar sari ta zo kuka tarar kuɗin sun kasa? Mai shago da yawa yakan zargi yaronsa, alhali kuwa ba sata aka yi ba, rashin rubutu ne.

Ga misali. A ce mai tireda ya yi cinikin naira 600,000 a wata, a kan kayan da ya saro naira 510,000. Daga cikin cinikin, naira 30,000 bashi ne da ba a biya ba tukuna. Ya kashe naira 35,000 a kan haya da wuta da dako, ya kuma ɗebi naira 40,000 kaɗan-kaɗan domin cefane. Abin da ya rage a hannunsa naira 495,000 ne. Ke nan yana neman cikon naira 15,000 kafin ya sake saro irin kayan da ya sayar, ga shi kuwa shagon ya ci riba.

Aikina shi ne in nuna muku inda kowace naira ta shiga. Zan buɗe muku littattafai uku: na cinikin yau da kullum, na kashe kuɗi, da na masu bashi. Ku za ku riƙa rubutawa kullum, ni kuma in zo kowace Asabar in daidaita. A ƙarshen wata zan ba ku takarda ɗaya mai nuna ribarku, da sunayen waɗanda kuke bi bashi, da abin da ya rage na jari.

Ladan aikin naira 4,000 ne a wata, har da kuɗin littattafan, kuma ba a biya sai wata ya ƙare. Ba na taɓa kuɗin shago, ba na zuwa karɓo bashi, ba kuma zan nuna wa kowa lissafinku ba.

Idan kuna so ku gwada, ku rubuta sunan shagonku a bayan wannan takarda. Zan zagayo in karɓa ranar Asabar, 20 ga wannan wata. Zaman farko kyauta ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na gode. Allah ya ba da kasuwa.

Naku,
(sa hannu)
(cikakken suna)
Akanta

Sharhi

Siffar wasiƙar irin ta wasiƙar aiki ce: adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kanu, gundarin saƙo, rufewa da sa hannu. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda aka jera gundarin saƙon.

Da farko, marubucin bai fara da kansa ba. Bai lissafa makarantun da ya yi ko takardun shaidarsa ba, sai ya fara da tambaya a kan abin da yake hana mai shago barci, wato kuɗin sari. Mai karatun da ya amsa “e” a zuciyarsa zai so ya ji sauran.

Na biyu, ya kawo misali da alƙaluma. Mu bi lissafin tare. Idan aka cire kuɗin sari 510,000 da na ɗawainiya 35,000 daga ciniki 600,000, riba ta zama 55,000. To, ina ta tafi? Naira 40,000 ta tafi gida, 30,000 tana hannun masu bashi. Jimlarsu 70,000, wato ta ɗara ribar da 15,000. Wannan shi ne giɓin da mai tireda ya gani ranar sari. Lura da cewa marubucin ya ce “a ce”, domin a san misali ne. Bai kama sunan kowa ba, domin akantan da ya tona asirin wani a wasiƙa, ba wanda zai ba shi amanar littafinsa.

Na uku, ya faɗi aikin da farashin ƙarara. Maganganu irin su “farashi mai rahusa” ba su wadatar ba, domin mai shago zai yi zaton akwai wani abu a ɓoye. Haka kuma ya faɗi abin da ba ya yi. Bai yi alkawarin ninka riba ba, saboda rubuta lissafi ba ya kawo masu saye; nuna gaskiyar halin da shago yake ciki kawai yake yi. Alkawarin da ba za a iya cikawa ba yaudara ne, kuma a kasuwa labari ba ya daɗewa bai zaga ba.

Na huɗu, ya nemi abu ɗaya tak, mai sauƙi, ya kuma sa rana. Wasiƙar da ta ƙare da “sai mun ji daga gare ku” takan bar mai karatu bai san abin da zai yi ba.

Nazarin Harshe

Marubucin ya yi amfani da wakilin suna na jam'i: ku, kun, muku, naku. Dalili shi ne wasiƙar ta mutane da yawa ce, maza da mata, kuma jam'i ba ya bambanta jinsi. Da mutum ɗaya ya rubuta wa, da sai ya ce “ka taɓa” ga namiji, ko “kin taɓa” ga mace. Ya kuma sassauta umarni da sharaɗi: “Idan kuna so ku gwada, ku rubuta.” Wannan ya fi ladabi a kan “Ku rubuta yanzu.”

Sababbin Kalmomi

tireda: ƙaramin shagon kayan masarufi
sari: sayen kaya da yawa domin a sayar
jari: kuɗin da ake juyawa a kasuwanci
dako: ɗaukar kaya domin a biya lada
cefane: sayen kayan abincin gida
giɓi: abin da ya kasa a lissafi

Aiki

1. Wace matsala marubucin ya fara da ita?
2. Kawo abubuwa uku da ya ce ba ya yi. Me ya sa ya ambace su?
3. Da masu bashi sun biya naira 20,000 kafin ranar sari, nawa ne zai kasance a hannun mai tireda? Zai ishe shi sari?
4. Sake rubuta sakin layi na farko, kana magana da mace ɗaya.
5. Rubuta wasiƙar talla zuwa ga masu sayar da abinci na kasuwar garinku, kana yi musu tayin irin wannan aiki. Kawo naka misalin da alƙaluma, ka kuma tabbata lissafin ya daidaita.