Ranar da Baba Ya Auna Kansa

Mahaifina malamin lissafi ne. A ƙarshen zangon da ya wuce aka ba shi takardar auna kai, wadda malami kan cika game da aikinsa kafin shugaban makaranta ya duba. Ni na taya shi ƙidaya.

Tambaya ta farko ita ce ko ya gama manhaja. Ya ɗauko littafin shirin darasinsa, muka ga darussa goma ya tsara, takwas ya koyar. Sai ya rubuta takwas.

Daga nan muka duba sakamakon jarrabawa. Cikin yara 40, guda 27 suka ci, 13 suka faɗi. Na ce, “Baba, wannan ba zai hana ka ƙarin girma ba?” Ya ce in buɗe rajistar kiran suna. Ashe tara daga cikinsu ba sa zuwa ran kasuwa. Sauran huɗun kuwa kullum suna aji. Ya rubuta cewa waɗannan huɗu laifinsa ne, zai sake koya musu raba lamba.

To, iyayenmu, taran nan fa? Wa ya aike su talla?