Kuɗinka an cire ne ko an riƙe? Yadda za ka gane idan ka miƙa kati a otal

A Auyo ko Haɗejiya, idan ka kama ɗaki a masauki, yawanci tiransifa za ka yi ko ka ba da tsaba, magana ta ƙare. Amma ranar da ka sauka a babban otal a Kano ko Abuja, ko ka je Umara, za a iya cewa ka kawo kati tun kafin a ba ka makulli. Sai ka ga kuɗinka sun ragu alhali ko kwana ba ka yi ba. Sau da yawa ba cirewa aka yi ba, riƙewa ce.

Biya da kati mataki biyu ne. Na farko, na'urar POS ta tambayi bankinka ko akwai kuɗin, banki ya amsa ya kuma keɓe su gefe. Na biyu, mai kaya ya nemi a tura masa, kuɗin su bar asusunka. A shago ko wurin mai POS na bakin kasuwa, matakan biyu a haɗe suke tafiya, shi ya sa ba ma lura. Otal kuwa bai san nawa za ka ci ba sai ranar fitarka, don haka yana yin na farko kawai, ya dakata. Ga masu son leƙa cikin injin, a tsarin saƙonnin kati na ISO 8583 riƙewa tana tafiya da lambar `0100`, saye kai tsaye kuma `0200`.

Mu ɗauka kana da ₦150,000. Ɗaki ₦30,000 ne a kwana, za ka yi kwana biyu, otal ya ƙara ₦20,000 saboda abinci ko ɓarna. Ya riƙe ₦80,000 ke nan. Buɗe manhajar bankinka ka nemi lambobi biyu. `Ledger Balance`, wasu bankunan su rubuta `Book Balance`, zai nuna ₦150,000, domin kuɗin naka ne har yanzu. `Available Balance` kuwa zai nuna ₦70,000, iya abin da za ka iya taɓawa. Da cirewa aka yi, da duka biyun sun sauka tare. Kada ka dogara da alat kawai, don akwai bankunan da saƙonsu na riƙewa da na cirewa iri ɗaya ne. Rasit ɗin POS ya fi faɗin gaskiya: duba ko `PRE-AUTH` aka rubuta ko `PURCHASE`.

Ranar fita, ka ci abincin ₦5,000, jimilla ₦65,000. Abin da ya kamata mai karɓar baƙi ya yi shi ne ya kammala waccan riƙewar, wato ya zaɓi `COMPLETION` a na'ura. Sai a ɗauki ₦65,000 daga cikin ₦80,000, a saki ragowar ₦15,000, lambobinka biyu su dawo ₦85,000.

Inda ake samun matsala shi ne idan ya buga sabon `PURCHASE` na ₦65,000 ya bar tsohuwar riƙewa a wurinta. Yanzu `Ledger Balance` yana nuna ₦85,000, amma ₦80,000 daga ciki a ɗaure suke, abin da ya rage maka ₦5,000, ga ka a tasha kana neman motar Haɗejiya. Ba a cire maka sau biyu ba, sai dai a aljihunka babu bambanci. Haka ma idan ka biya da tsaba ko da wani katin daban: riƙewar farko ba ta san ka biya ba.

Ni dai shawarata, kada ka bar kantar otal sai an soke riƙewar a gabanka an ba ka rasit, kuma ka adana na farkon saboda lambar `RRN` da ke jikinsa, ita banki zai tambaye ka. Idan ba a soke ba, sai ta mutu da kanta, kuma dokokin Visa da Mastercard sun ba otal da masu hayar mota damar riƙewa har kusan kwana 30. Ko an soke, bankinka ne ke sakin kuɗin, ba otal ba, kuma yana iya ɗaukar 'yan kwanaki. Kada ka zauna jiran alat na shigowar kuɗi. Tunda ba su fita ba, sau da yawa `Available Balance` ne kawai zai hau shiru.

Hayar mota, kamar a Saudiyya ko Dubai, ta fi jan lokaci. Ko ka mayar da mota lafiya, kamfani kan jinkirta saki saboda tarar gudu da kuɗin hanya da kan iso daga baya. Da yawansu ma katin bashi suke nema, wanda riƙewa a kansa iyakar bashinka kawai take ragewa. Namu katunan kusan duk na kuɗin da ke cikin asusu ne, don haka kafin ka miƙa, tambayi nawa za a riƙe, ka raba kuɗin mota da na abinci zuwa wani asusun.