Haruffa Masu Lanƙwasa a Waya: Darasi ga Masu Fassara Saƙonni

Mai fassara saƙon shirin noma ga manoman Tasawa ko Mayahi na iya yin fassara mai kyau, waya ta ɓata ta. Idan ya rubuta "ƙara iri" lanƙwasar ta faɗi, sai "kara" ya rage, wato karan dawa. Haka "ɓari" ke komawa "bari", alhali zubar da abu daban ne da ƙyale shi.

Matakin farko shi ne sanya allon rubutu na Hausa. A Gboard, ana shiga Settings, a zaɓi Languages, a taɓa Add keyboard, sannan a nemi Hausa. Idan harafi bai fito a fili ba, a danne b, d ko k na ɗan lokaci, sai a zaɓi ɓ, ɗ ko ƙ. Ɗalibin da ke Nijar ya tuna cewa ƙa'idar rubutun ƙasarsa tana amfani da ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, don haka ƴaƴa zai rubuta.

Babbar matsalar tana wajen aikawa. Saƙon SMS na yau da kullum yana bin tsarin GSM 7-bit mai ɗaukar haruffa 160, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Da ƙ ɗaya ya shiga, sai saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin UCS-2, wanda 70 kawai yake ɗauka. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a guda ɗaya yakan rabu uku, domin kowane yanki 67 yake ɗauka, kuɗin kuma ya ninka. Don gudun haka wasu manhajojin aikawa sukan cire lanƙwasar, ko su sa alamar tambaya a gurbinta. WhatsApp ba shi da wannan iyaka, sai dai manomi mai ƙaramar waya SMS yake karɓa, kuma tsohuwar waya na iya nuna akwati a maimakon harafin. Kafin a tura wa jama'a, ya kamata a gwada saƙon a irin wayar da za ta karɓa. Inda lanƙwasa ta ƙi fita, gara a sake kalma: "daɗa" ma tana da lanƙwasa, amma "ninka iri" za ta tsira idan ma'anar ta dace.

Alamomin karin sauti kuwa, rubutun yau da kullum ba ya sa su. Masana suna sa à don karin ƙasa, â don mai faɗuwa, su bar na sama ba alama. Ana samun su ta danne wasali. Amfaninsu na tsakanin mafassara ne, kamar wajen rarrabe dà, "tare da", daga dâ, "a zamanin baya". A saƙon manomi ba su da gurbi, kuma â ma ba ta cikin GSM 7-bit, za ta rage saƙon zuwa 70 kamar yadda ƙ ke yi.