Yadda Ake Sa Dishi-dishi Ya Bi Fuska ko Lambar Mota a Bidiyo

Rufe fuska a hoto abu ne mai sauƙi, domin hoto a tsaye yake. A bidiyo kuwa mutum na tafiya, mota na gudu, hannun mai ɗauka na rawa. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hotuna 30 a kowace daƙiƙa, waɗanda ake kira firam. Idan dishi-dishin ya zame a firam ɗaya tak, mai kallo zai iya tsayar da bidiyon ya ɗauki hoton allo, asirin da ake son rufewa ya tonu.

Misali

A ɗauka wani matashi ya ɗauki bidiyon daƙiƙa 12 a bakin titi don gwada kyamarar sabuwar wayarsa. Motar wani bawan Allah ta shigo a daƙiƙa ta 2, tana matsowa har ta fita a ta 9. Wato lambarta tana bayyane a firam 210, kuma kowanne sai an rufe shi.

Shirya abin rufewa a CapCut

Dabarar ita ce a ɗora bidiyon a kan kansa. Bayan an buɗe shi, sai a shiga Overlay a sake ɗauko shi, a ja shi ya cika allo har ya zauna daidai a kan na ƙasa. Daga nan a shiga Effects a zaɓi Blur, a umarce shi ta Object ya yi aiki a kan na saman kaɗai, a kuma ja tsawonsa daga farko har ƙarshe. Sai a taɓa bidiyon saman, a shiga Mask, a zaɓi Rectangle don lambar mota ko Circle don fuska. Yanzu cikin wannan akwati kaɗai ne ya dushe. A bar akwatin ya ɗara lambar girma ta kowane gefe, domin wannan rarar ce ke shanye rawar hannu.

Sa akwatin ya bi motar

Akwai wata alama mai siffar daimon kusa da maɓallin kunnawa, ita ake kira kifiram. Aikinta riƙe wurin da akwatin yake da girmansa a wani lokaci. Idan aka sa guda biyu, manhajar za ta riƙa zame akwatin daga na farko zuwa na biyu a miƙe, da gudu iri ɗaya.

A nan matsalar take, domin motar da ke matsowa ba haka take tafiya a allo ba. Tana nesa da ƙyar take gusawa, tana kusa sai ta fizga, lambar kuma tana ƙara girma. Saboda haka matashin zai sa kifiram gab da shigowar motar da kuma bayan fitarta, sannan ya duba tsakiya, wajen daƙiƙa ta 5 da rabi. Zai tarar akwatin ya riga lambar yin gaba. Sai ya mayar da shi kanta, ya gyara girmansa, ya sake raba kowane ɓangare biyu ya duba. Haka zai yi ta yi har zamewar ta ƙare. A farkon bidiyon kifiram ɗaya a daƙiƙa kan wadatar, amma a ƙarshe ana iya buƙatar ɗaya bayan kowane firam biyar.

Mai bi da kansa

YouTube Studio a kwamfuta yana da Face blur mai gano fuskoki, da Custom blur mai zaɓin Track object. Suna rage wahala, amma kamannin abu suke bi. Idan mai babur ya gifta gaban motar, ko mutum ya juya ƙeya, mabiyin kan saki abin ko ya bi mai baburin. Alamar hakan ita ce akwati ya yi tsalle ko ya tsaya cik. Wannan wurin sai an gyara da hannu.

Kafin a ɗora

Dishi-dishi mai rauni yaudara ne. Lambar motar Najeriya haruffa biyar ne da alƙaluma uku, don haka inuwarsu kaɗai na iya isa a cinka. A ƙure ƙarfin Blur, ko a rufe lambar da baƙin akwati gaba ɗaya.

Bayan an fitar da bidiyon, a buɗe shi a ja a hankali firam bayan firam, musamman wajen shigowa, fita, da inda wani abu ya gifta. A duba gilashin shaguna da madubin mota, domin fuska kan fito a can. A saurari sautin ko an ambaci sunan wani. Asalin bidiyon da ba a rufe ba kuwa, kada a tura wa kowa.