Ruwa a Cikin Tankin Gas

Wani almajirin makanike daga Bagega, a ƙasar Anka, ya tambaye mu dalilin da injin niƙan dutsen zinariya yake tari yana mutuwa da damina, alhali an sake masa filta.

Amsa ita ce abin da wani dattijon makanike yake karantar da yaransa. Ya ce, “Samari, ku sani ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba, da ruwan da ya biyo jarka, duk sukan kwanta a ƙasa, kuma a haddin da ruwa ya sadu da mai, nan wasu ƙananan halittu suke hayayyafa, suna cin man, har su zama baƙin datti mai yauƙi da ke toshe filta, ya ci ƙarfe.”

Maganinsa, da asuba kafin a tayar da inji, bayan man ya kwana ya natsu, a kwance noti na gindin tanki a hankali, a tara a kwalba mai haske, har sai gas tsantsa ya fito. In an ga yauƙi, sauya filta kaɗai ɓarnar kuɗi ce. Wajibi ne a sauke tankin a wanke. A riƙa cika shi da magariba.